Harafin da ido ba ya gani, da shaidar da yake bari

Tun kafin gari ya waye motoci ke barin Suleja cike da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, su ratsa Madalla da Zuba da Kubwa, su sauke su a bakin Sakatariyar Tarayya. Garin da ya bar wa babban birnin ƙasa sunansa na Abuja shi ne kuma yake ba dubban ma'aikatansa wurin kwana, saboda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfin albashinsu. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ɗalibai ne a ƙarshen mako. Wasu na neman digiri na biyu a Jami'ar Abuja, wasu a Keffi ko Minna ko Lapai, wasu kuma a Jami'ar Karatu daga Gida. Mutumin da ya kwashe sa'o'i a kan hanya safe da yamma, in lokacin rubuta kundin digiri ya zo, ba abin mamaki ba ne ya miƙa fayil ɗinsa ga shagon buga takardu ya ce a taimaka. A daidai wannan gaɓa ce wani haɗari ke jiransa, wanda akasarin masu faɗawa cikinsa ba su san girmansa ba.

Haɗarin shi ne tayin da ake yi wa ɗalibai cewa za a rage musu makin kamanceceniya cikin dare ɗaya, ba tare da an sauya ko jimla guda ba. Jami'o'in ƙasar nan sun daɗe da fara bi da kundayen ɗalibai ta cikin manhajojin da ke gano satar rubutu. Turnitin ce aka fi sani, sannan a 2021 Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya ƙaddamar da ta gida mai suna EagleScan. Manhajar takan fitar da rahoto ɗauke da adadi: kashi kaza cikin ɗari na wannan rubutu ya yi kama da abin da ke wani wuri. Makarantu da dama sun kafa iyaka, suka ce wanda ya haura ta ba zai kare kundinsa ba. Da zarar adadi ya zama ƙofa, dole a sami masu sayar da mabuɗin jabu.

Matsayin wannan jarida a kan lamarin a fili yake. Dabarar ɓoye rubutu ba ta kuɓutar da mai ita, illa ma ta mayar da abin da za a iya yi wa uzuri ya koma shaidar ganganci. Haka kuma hukumar da ta bar adadi ya yanke hukunci, ba tare da wani ya buɗe fayil ya duba ba, tana da nata kason na laifi. Kafin a fahimci dalilin wannan matsayi, sai an san yadda manhajar ke karatu.

Manhajar ba ta da ido. Ba siffar harafi take gani ba, lambarsa take karantawa. A tsarin Unicode, wanda kusan dukkan kwamfutoci da wayoyin duniya ke amfani da shi, kowane harafi na kowane harshe yana da lambarsa ta kansa. Harafin o na boko lambarsa U+006F. Akwai wani harafi a rubutun Rashanci wanda siffarsa daidai take da wannan, amma lambarsa U+043E. A Girkanci ma akwai na uku mai lamba U+03BF. In aka jera su a takarda, mai karatu zai rantse harafi ɗaya ne aka maimaita. A wurin kwamfuta kuwa bambancinsu kamar na alif da ba ne. Haka abin yake ga a da e da c da p, duk suna da tagwaye a haruffan Rashanci.

Idan aka ɗora kundi, manhajar takan tsamo rubutun, ta yanyanka shi zuwa gajerun jerin kalmomi, sannan ta nemi kowane jeri a rumbunta na shafukan intanet da mujallun ilimi da ayyukan ɗaliban da suka gabata. A ɗauka, don sauƙin lissafi, tana ɗaukar kalmomi biyar-biyar. Jimla mai kalma 12 za ta ba da jeri takwas: daga kalma ta ɗaya zuwa ta biyar, daga ta biyu zuwa ta shida, har zuwa na ƙarshe, daga ta takwas zuwa ta 12. Wanda ya sauya harafi ɗaya tak a kalma ta biyar da kuma ta goma ya ɓata dukkan jerin takwas ɗin, domin babu wanda ba ya ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin biyu. Jimlar tana nan yadda aka sato ta, amma manhajar da ba ta da wayo ba za ta ga abin da ya yi kama da ita ba. Wannan shi ne dukkan sirrin sana'ar.

Sauran dabarun duk rassan wannan ne. Akwai alamomin da Unicode ya tanada waɗanda ba su da siffa kuma ba su cin wuri, kamar U+200B, wanda aka yi shi don nuna inda za a iya karya layi. In aka cusa shi a tsakiyar kalma, ido zai ga kalma ɗaya, na'ura ta ga abu dabam. Akwai masu cire tazarar da ke tsakanin kalmomi su sa harafi mai farin launi a gurbinta, ta yadda a kan farar takarda ba a ganin komai, amma sakin layi gaba ɗaya ya zama doguwar kalma guda. Akwai masu kewaye shafi sukutum da alamun zance masu farin launi, saboda sun san malamai kan umarci manhajar ta tsallake duk abin da ke cikin alamun zance. Akwai kuma masu ɗaukar hoton sakin layi su manna shi a matsayin rubutu. Kowace daga cikinsu ta dogara ne a kan abu guda: a sami saɓani tsakanin abin da mutum ke gani da abin da na'ura ke karantawa.

To amma wannan saɓanin da kansa shi ne ke tona asiri, kuma kamfanonin manhajar sun daɗe da sanin haka. Ƙungiyar Unicode tana wallafa jerin haruffan da ke kama da juna, saboda 'yan damfara ma da su suke ƙirƙirar adireshin intanet na bogi mai kama da na banki. Manhajar da aka gina da kyau takan mayar da kowane baƙon harafi zuwa takwaransa na boko, ta share alamomin da ba a gani, sannan ta fara kwatantawa. Sakamakon haka, satar da aka so ɓoyewa takan bayyana yadda take. Ba ta tsaya nan ba. Turnitin na da wani sashe a rahoton da malami ke gani mai suna Flags, inda take nuna cewa an tarar da haruffan da aka musanya ko rubutun da aka ɓoye, tare da wuraren da suke. Ke nan ɗalibin da ya biya kuɗi don a rufa masa asiri ya tashi da abu biyu: ga satar a fili, ga kuma shaidar yunƙurin ɓoye ta.

Ko da a ce manhajar da makaranta ke amfani da ita ba ta kai wannan wayo ba, malami mai lura ba ya buƙatar komai sai kwamfutarsa da 'yan mintoci. Misali zai fayyace. A ƙaddara wani jami'i mai matakin albashi na 12, mazaunin Kwamba a Suleja, yana rubuta kundin digiri na biyu a fannin gudanar da mulki. Babi na biyu, wato bitar ayyukan magabata, kalma 6,000 ne, kuma rahoton farko ya nuna kashi 38, alhali sashensu ya ce kada a wuce 20. Lokaci ya ƙure, aikin ofis ya yi yawa, sai ya kai fayil ɗin wani shago. Washegari aka dawo masa da shi tare da sabon rahoto mai nuna kashi 3. Ya buɗe, ya ga babu kalmar da ta sauya, ya yi murna.

Abu na farko da zai ja hankalin malamin da ya san aikinsa shi ne adadin kansa. Babin bita cike yake da sunayen littattafai da na dokoki da na ma'aikatu, da ma'anonin da kowa ke ɗaukowa daga wuri ɗaya. Babin da ya ambaci Tsarin Mulkin 1999 da Dokokin Aikin Gwamnati dole ya yi kama da ɗaruruwan kundayen da suka ambace su. Kashi 3 a irin wannan babi ba alamar tsafta ba ce, alamar tambaya ce. Daga nan sai malamin ya nemi ainihin fayil ɗin Word, ba takardar da aka buga ba, ba kuma rahoton da ɗalibi ya kawo da hannunsa ba.

Da buɗe fayil ɗin zai ga jan layi a ƙarƙashin kalmomin Turancin da ba su da kuskuren komai, domin ƙamusun da ke cikin Word bai san kalmar da aka gauraya wa haruffan harsuna biyu ba. Mai wayo kan kashe wannan jan layi, saboda haka sai a tafi gwaji na biyu. Malamin zai danna Ctrl+F ya nemi wata kalma da ba a yin sakin layin Turanci ba tare da ita ba, kamar `of`. Idonsa na ganin ta kusan a kowane layi na shafin da ke gabansa, amma na'urar ta tsallake su duka, ta nuna ta a wasu shafukan kawai. Wannan ya isa ya nuna inda aka taɓa. Don tabbatarwa, sai ya zaɓi harafin o ɗaya daga cikin kalmar da aka tsallake, ya danna Alt+X. Word zai mayar da harafin zuwa lambarsa. In ya ga 006F, harafin boko ne na gaskiya. In ya ga 043E, an kama.

Alamomin da ba a gani ma haka ake farauto su. A akwatin neman kalma na Word ana iya rubuta `^u8203`, wato lambar U+200B a ƙidayar yau da kullum, na'urar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauƙi: a sa alamar rubutu a farkon kalma, a riƙa danna kibiyar dama. In kalma mai harafi shida ta ci dannawa bakwai ko takwas kafin a fita daga cikinta, akwai abin da ke zaune a ciki wanda ido bai gani ba. Fararen haruffa kuwa ba su da wuyar sha'ani. A danna Ctrl+A a zaɓi komai, a mayar da launin rubutun baƙi, duk abin da aka ɓoye zai fito. Ƙidayar kalmomi ma takan fallasa su, domin babin da ya cika shafi 20 ba zai nuna kalma 900 ba sai in an like kalmomin da juna. Sakin layin da aka manna a matsayin hoto kuma ba ya yarda a zaɓi kalma ɗaya daga cikinsa.

Akwai kuma hanyar da ke wanke dukkan dabarun a lokaci guda. A buga babin a takarda, a ɗauki hotonsa da na'urar sikana, a sa manhajar da ke mayar da hoto rubutu ta karanta shi da Turanci, sannan a sake ɗora shi. Tun da dabarun duka sun dogara ne a kan saɓanin ido da na'ura, hanyar da ta tilasta wa na'ura karanta abin da ido ke gani ta kashe su baki ɗaya. Farin harafi ba ya fita a takarda, alamar da ba ta da siffa ba ta fita, harafin Rashanci kuma za a karanta shi a matsayin na boko. Za a sami 'yan kurakuran karatu nan da can, amma kashi 38 ɗin nan zai dawo kusan yadda yake.

Yanzu a auna matsayin jami'in kafin ya je shago da bayan ya dawo. Da kashi 38 a hannunsa, yana da abin faɗa. Wataƙila kashi goma jerin manazarta ne da ba a cire ba. Wataƙila wani kason nassin doka ne da ya kawo da alamun zance. Ragowar kuma rashin iya ambaton madogara ne, abin da malami kan ce a je a gyara cikin mako biyu. Wannan rauni ne na ƙwarewa, kuma akwai maganinsa. Amma haruffan Rashanci 4,000 da aka shuka a daidai sakin layukan da aka kwafo, aka bar waɗanda ya rubuta da kansa ba a taɓa ba, ba su da fassara biyu. Babu yatsan da ke zamewa ya buga harafin da babu shi a kan madannai. Cewa mai shago ne ya yi ba zai fisshe shi ba, domin sunansa ne a bangon kundin, shi ne kuma ya sa hannu a shafin da ke cewa aikin nasa ne. An gudu ba a tsira ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, abin bai tsaya a makaranta ba. Takardar shaidar da zai samu za ta shiga fayil ɗinsa na aiki, a yi la'akari da ita wajen ƙarin girma ko sauya layin aiki. Jami'a na da ikon janye digirin da ta gano an same shi ta hanyar maguɗi, kuma Dokokin Aikin Gwamnati sun lissafa gurɓata bayanai cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Fayil ɗin kwamfuta kuma ba ya mantuwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa ajiye kundin ɗalibi a rumbun ƙasa na NERD zai zama sharaɗin shiga aikin yi wa ƙasa hidima, abin da ke nuna inda aka dosa: kundaye za su zauna a inda za a iya sake duba su da manhajar da ta fi ta yau wayo. A Jamus, Annette Schavan ta sami digirin digirgir a 1980. A watan Fabrairun 2013 Jami'ar Düsseldorf ta janye shi saboda satar rubutu, ita kuma ta sauka daga muƙaminta na ministar ilimi bayan 'yan kwanaki. Shekara 33 ke tsakani. Nata kundin ma a takarda yake, sai da aka bi shi shafi-shafi. Wanda ya bar baƙin haruffa a fayil ya sauƙaƙa wa mai bincikensa aiki, domin dannawa ɗaya ta isa.

Masu taimaka wa manyan jami'ai, waɗanda ke rubuta jawabai da takardun bayani, suna da nasu darasin a kusa da gida. A watan Satumbar 2016, jawabin da Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta wajen ƙaddamar da gangamin sauya ɗabi'un 'yan ƙasa ya ƙunshi wani sashe da aka ɗauko daga jawabin nasarar zaɓe na Barack Obama na 2008. Ɗan jarida ne ya gano, ya wallafa. Fadar Shugaban Ƙasa ta amsa laifin, ta ce wani mataimakin darakta ne ya yi, kuma za a hukunta shi. Abin lura a nan shi ne babu harafin ɓoye da zai hana wannan tonon silili. Jawabin da aka karanta da baki, ko rahoton da aka raba wa jama'a, yana zuwa ne gaban mutanen da suka taɓa karanta na asalin. Dabarar da aka ƙera don ruɗin na'ura ba ta da tasiri a kan mai karatun da ya san fanninsa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Alamar gargaɗi a rahoto ba hukunci ba ce, kuma akwai marasa laifi da za ta iya shafa. Kundin kimiyya ko na ƙididdiga dole ya ƙunshi haruffan Girkanci. Ɗalibin da ya kawo aya ko hadisi da Larabci a tsakiyar rubutun boko yakan shigo da alamomin da ba a gani masu daidaita rubutun dama da na hagu, ba tare da ya san suna nan ba. Wanda ya kwafo sunan littafi daga shafin intanet yana iya jawo U+200B guda biyu ko uku. Abin da ke raba ganganci da tsautsayi shi ne yawa da tsari da wuri. Alama uku a warwatse cikin shafi 90 ba komai ba ne. Dubbai da aka jera a tazara ɗaya, a cikin sassan da suka dace da rubutun wani kawai, magana ce dabam. Malamin da bai iya rarrabe waɗannan ba zai zalunci wani, ya kuma saki wani.

Masu rubutu da Hausa suna da wata matsalar ta musamman. Haruffa masu lanƙwasa suna da lambobinsu a Unicode: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. Amma kafin su yaɗu a kwamfutoci, an daɗe ana buga Hausa da wasu samfuran haruffa da suka ari gurbin q da x da v, kuma har yau akwai masu buga takardu da ke amfani da su. A takarda za a ga ƙasa da ɗaya da ɓera, amma manhajar za ta karanta qasa da xaya da vera. Wannan na haifar da kuskure iri biyu. Malamin da bai san tarihin abin ba zai iya zargin ɗalibi da musanya haruffa alhali bai yi ba. A ɗaya hannun kuma, sakin layin da aka sato daga kundin da aka buga da tsohon samfuri ba zai dace da wanda aka buga da sabo ba, sai sata ta wuce ba tare da an yi dabarar komai ba. Sassan nazarin Hausa na da buƙatar tsayar da Unicode a matsayin ƙa'ida ga duk kundin da za a ɗora.

Haka kuma wajibi ne hukumomi su san iyakar abin da suka saya. Manhajar ba ta iya kwatanta rubutu sai da abin da ke rumbunta. Littafin da ba a taɓa sa shi a kwamfuta ba, rahoton kwamitin da ke kwance a kabad ɗin ma'aikata, da maƙalar da aka fassara daga Turanci zuwa Hausa, duk suna iya wucewa da ƙaramin adadi. Babban adadi kuma ba kullum yake nufin sata ba. Ɗalibin da ya gwada kundinsa a shago, aka ɗora shi ta asusun da ke adana duk abin da aka sa masa, zai iya zuwa makaranta ya tarar da kusan kashi ɗari, domin kundin ya yi karo da kansa. Wannan ma wani dalili ne na guje wa miƙa aiki ga wanda ba a san yadda asusunsa yake ba.

Saboda haka gyaran na farko yana wuyan makarantu. Sashe ne ya kamata ya ɗora fayil ɗin da kansa, kada a karɓi rahoton da ɗalibi ya bugo daga waje, domin rahoton ma ana iya yi masa kwaskwarima. Fayil ɗin da aka gwada shi ne ya kamata ya zama wanda aka buga aka ɗaure, ba wani can dabam ba. A koya wa masu duba kundaye gwaje-gwajen da aka zayyana a sama, waɗanda ba su cin minti goma. Adadin da ya yi ƙasa fiye da kima ya jawo tambaya kamar yadda wanda ya yi sama ke jawowa. In an ga alama, a kira ɗalibin, a nuna masa wurin, a nemi daftarinsa na farko, a kuma sa shi ya bayyana sakin layin da bakinsa. Wanda ya rubuta abu yakan iya kare shi. Iyakar kashi kaza kuma ta zama matakin fara dubawa, ba ta zama hukuncin ƙarshe ba.

Cibiyoyin horar da ma'aikata da sassan ma'aikatun da ke karɓar rahotannin 'yan kwangilar bincike su ma abin ya shafe su, domin rahoton da aka biya miliyoyi a kansa yana iya zama na wata ƙasa da aka sauya wa suna. Jami'in da zai sa hannu a biya ya kamata ya nemi fayil ɗin da ake iya bincikawa, ya gwada shi. Masu shagunan buga takardu na Suleja da kewaye, waɗanda akasarinsu halaliyarsu suke nema, su sani cewa wanda ya sayar wa abokin ciniki wannan dabara guba ya sayar masa, kuma ranar da asiri ya tonu sunan shagonsa ne zai fara fita daga bakin wanda aka kama.

Shi kuwa ma'aikacin da ke riƙe da rahoto mai kashi 38, hanyar fita a buɗe take, ko da yake tana cin lokaci. Ya buɗe rahoton ya bi wuraren da aka shafa wa launi ɗaya bayan ɗaya. Abin da nassin doka ne ko maganar wani da ake buƙatar ta yadda take, ya sa mata alamun zance na gaskiya, ya faɗi mai ita da shafin. Abin da ra'ayin wani ne, ya karanta, ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya fahimta, sannan ya ambaci inda ya samo. Abin da aka cusa don cika shafi kawai, ya share shi. In kuma ya riga ya karɓi fayil daga hannun wani, ya yi masa gwajin neman kalma da na mayar da launi baƙi kafin ya miƙa, domin gara ya gano da kansa. Neman ƙarin mako biyu daga sashe abin kunya ne na kwana ɗaya. Harafin da aka ɓoye kuwa zai zauna a cikin fayil ɗin, ɗauke da sunan mai shi, har ranar da wani zai zo ya danna Alt+X.